Wane maki zan saka a rahoton ɗalibi?

Tambaya: "Ina koyon aikin koyarwa a wata firamare a Kawo. An ce in rubuta rahoton zangon karatu, amma na rasa bambancin gwajin cikin darasi da na ƙarshen zango."

Malama, ki duba abin da za ki yi da sakamakon. Idan kika ba 'yan aji huɗu tambayoyi biyar kan raba lamba, kika ga rabinsu na tsallake sifili, suna rubuta 26 maimakon 206 a 618 raba 3, washegari kika sake koyar da wurin, wannan gwajin gyara ne. Jarrabawar ƙarshen zango kuwa hukunci ce, ta zo bayan an rufe darasi.

Inda sababbin malamai ke tuntuɓe shi ne makin siye, wato makin gwaje-gwajen da ake yi a cikin zango. Da zarar kin tara shi cikin jimilla, a ce 40 na siye da 60 na jarrabawa, ya zama hukunci shi ma, ko da a mako na uku aka yi gwajin.

Don haka jimilla ta shiga gurbin maki. A gurbin sharhi kuma, don Allah kar ki tsaya a "ya ƙara ƙoƙari". Rubuta: "Musa ya iya ninkawa, amma yana mance sifili wajen rabawa, ya dinga ninka amsarsa da lambar da ya raba da ita ya gani ko ta koma lambar farko."