Bakina bushewa yake in na tashi magana

Tambaya: Ni aka ce in yi jawabin godiya a walimar saukar ƙanina a Mabera ran Asabar. Da na tsaya gaban mutane sai murya ta kama rawa, bakina ya bushe. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoro ke sa zuciya bugawa da sauri ya kuma rage yawu, kuma ya fi tsanani a minti na farko. Nan za ka yi wa shiri. Haddace sallama da jimla biyu na farko har su zauna maka kamar Fatiha, sauran ka rubuta kanunsu a 'yar takarda. Ni na taɓa haddace jawabi sukutum, kalma ɗaya ta kuɓuce, sauran suka bi ta.

Ka gwada a tsaye, da murya sama, gaban mutanen gida, sau 3. Karatun zuci ba gwaji ba ne.

Kafin a kira ka, ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, kamar sau 5. Ka kurɓi ruwa, ka san zafin Sakkwato. Goro da shayi mai kauri kuwa bar su sai an tashi, suna ƙara bugun zuciya.

In abin har yana hana ka barci ko shiga mutane, ko ƙirji na ciwo, je ka ga likita.