'Yata tana faɗuwa a lissafi: in ɗauko mata malamin lesin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana SS2. Zango biyu a jere ta samu maki 38 da 41 a lissafi, sauran darussa kuwa ba laifi. Baɗi za ta rubuta WAEC. In ɗauko mata malamin lesin ne ko in ƙara jira? In na ɗauko, ta yaya zan gane kuɗina bai tafi a banza ba? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ɗauko, kada ki jira. A ma'aunin WAEC kiredit yana farawa ne daga C6, wato maki 50, kuma yawancin kwasa-kwasan jami'a suna neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Wanda aka ɗauko saura wata biyu jarrabawa haddar tsofaffin tambayoyi kawai zai iya yi mata. Yanzu kuwa akwai lokacin gyara daga tushe.

Amma kafin ki biya ko sisi, ki je makaranta ki roƙi malaminta ya nuna miki takardun gwajinta, ba makin kawai ba. Ki kuma tambaye ta ko tana ganin allo sosai daga inda take zama. Idan ido ne, ko fashin zuwa aji, ko rashin yin jinga, lesin ba zai magance ba. Idan kuwa tana zuwa, tana ƙoƙari, amma kuskure iri ɗaya yake ta dawowa, to wannan aikin malamin lesin ne.

A lissafi sau da yawa ɓarakar ba a ajin da yaro yake take ba, tana can baya. Ga misali. A ba ta x² − 5x + 6 = 0. Ana neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da 6, in an haɗa su kuma su ba da −5. Amsar ita ce −2 da −3, saboda haka x = 2 ko x = 3. Yarinya da yawa ta san matakan sarai, amma sai ta ɗauki −6 da 1, domin haɗinsu ya ba da −5, ba ta lura cewa ninkinsu −6 ne ba. Matsalarta lambobin da ke ƙasa da sifili ne, darasin ƙaramar sakandare. Malamin aji mai ɗalibai cike da ɗaki ga manhaja tana binsa ba zai iya komawa can saboda ita kaɗai ba. Wannan komawar ita ce kike saya da kuɗinki.

Don haka ki lura da zaman farko. Malami nagari zai ba ta tambayoyi tun daga na JSS1 zuwa na ajinta, ya zuba ido yana kallon yadda take yi, sannan ya faɗa miki takamaimai inda take tuntuɓe. Wanda ya zo ya buɗe littafi daga inda makaranta ta tsaya ya fara zuba bayani, aji na biyu kawai ya buɗe miki a falo.

Awa ɗaya sau uku a mako ta fi awa uku a jere ranar Asabar, musamman ga yarinyar da ke da Islamiyya da yamma. A cikin awar nan biro ya fi daɗewa a hannunta, ba a hannunsa ba, tana yi tana faɗin dalilin kowane mataki. In ta ce "na gane", ya ba ta sabuwar tambaya ta yi ba tare da ya sa baki ba. Ta kuma ware littafi guda na kura-kuranta, ta zo kowane zama da tambayoyin da suka gagare ta, a fara da su. A yi karatun a falo ko tsakar gida inda babba ke gani, ke ma kina jin abin da ake yi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne malamin da ke yi wa yaro jinga. Alamarsa a fili take: makin jinga ya haura, na gwajin aji yana nan inda yake. Yarinya za ta so shi ƙwarai, amma ranar jarrabawa ba ya cikin ɗakin.

Ku yi yarjejeniya tun farko a kan mako shida, biya wata-wata. Ki adana takardar gwajin zaman farko. In mako shida sun cika, a ba ta makamantan tambayoyin, da agogo, ita kaɗai. Kada ki sa ran 41 ta koma 75 a wannan ɗan lokaci; abin dubawa shi ne ko kuskuren da aka gano ya daina fitowa. In ya daina, ku ci gaba zuwa tsofaffin tambayoyin WAEC, kuna rage zaman sannu a hankali. In yana nan, ki zauna da malamin ya yi miki bayani, in bayanin bai gamsar da ke ba ki sallame shi da mutunci ki nemi wani.