Kilo 9 a sikeli, kuɗin kilo 20 a takarda: yadda ake lissafin kayan jirgin sama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan waya a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Na yi odar fitilun ɗaukar bidiyo daga Guangzhou, kwali ɗaya mai tsawon santimita 60, faɗi 50, tsayi 40. Sikeli ya nuna kilo 9, amma an caje ni kuɗin kilo 20, a kan jika 6 kowane kilo. Shin cuta ta aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bisa ga ma'aunin da ka bayar, lissafin daidai yake, domin jirgin sama fili yake sayarwa kamar yadda yake sayar da nauyi. Duk wanda ya taɓa ganin ana loda buhunan auduga a mota ya san cewa wuri na iya ƙarewa alhali motar ba ta ji nauyi ba, kuma direba ba zai yarda ya yi asarar wurin ba. Saboda haka ana fitar wa kowane kaya nauyi biyu, wato na sikeli da na girman jiki, sannan a caji wanda ya fi yawa. Shi ne za ka gani a takardar jirgi an rubuta Chargeable Weight, ko kuwa poids taxable idan da Faransanci aka cike ta.

Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, ita ce a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6000. Kwalinka 60 sau 50 sau 40 ya ba da 120,000, idan aka raba da 6000 sai a sami kilo 20 cif, shi ya sa ka biya jika 120 maimakon jika 54 da ka sa rai. Kamfanonin aika saƙon gaggawa irin su DHL galibi da 5000 suke rabawa, kuma da ta hannunsu kwalin ya biyo, da kilo 24 za a rubuta maka. Don haka kada ka gwada farashin kilo na wakilai biyu sai ka tambayi lambar da kowannensu yake rabawa da ita.

Idan kana da Excel a waya, sa tsawo a A2, faɗi a B2, tsayi a C2, nauyin sikeli a D2, sannan ka rubuta wannan a E2:

```
=MAX(D2;A2*B2*C2/6000)
```

Idan manhajar ta ƙi karɓa, canja alamar ; da ke bayan D2 zuwa waƙafi. Sakamakon da ya zo da ɓurɓushi ana cike shi sama zuwa rabin kilo na gaba, wato 12.2 ya zama 12.5.

Abin da ya fi damuna a irin wannan kaya shi ne yawancin kuɗin na iska ne. Fitilar zobe ce mai rami a tsakiya, kowace tana cikin ƙaramin kwalinta da soso, sannan a jera su a babban kwali da ba lallai ya cika ba. Da mai sayarwa ya cire ƙananan kwalayen, ya jera fitilun da takarda mai kumfa a tsakaninsu har tsayin ya sauko daga 40 zuwa 25, da lissafin ya koma 75,000, wato kilo 12.5, kuɗinsa jika 75. Jika 45 ke nan ta dawo aljihunka. Sai dai ka auna da kyau, domin fitilar da ta fashe a hanya, ko wadda mai saye ya raina saboda ba ta da kwalinta, za ta iya cinye wannan ragin.

Akwai kuma dabarar haɗa mai nauyi da marar nauyi. A ce ka ƙara kwalin caja da igiyoyinsu mai santimita 30 da 20 da 20, nauyinsa kilo 10, girman jikinsa kuwa kilo 2 kacal. Idan aka lissafa kwalayen biyu a matsayin kaya ɗaya, sikeli zai ba da 19, girman jiki ya ba da 22, sai ka biya kilo 22 maimakon 30. Wannan tana aiki ne kawai wurin wakilin da ke haɗa jimla, domin wasu kwali-kwali suke lissafi, don haka ka tambaya tun kafin a ɗaure kaya.

Inda cuta ko kuskure ke iya shiga shi ne wurin awo. Ana auna kwali ne daga inda ya fi kumbura, kuma kwalin da cikinsa ya turo da santimita 3 a faɗi ya zama 53, wanda zai mai da kilo 20 ɗinka 21.5. Kafin ka tura kuɗi, nemi wakilinka ya aiko maka ta WhatsApp da hoton kwalin a kan sikeli, da hotuna uku na tef ɗin awo a jikinsa, ka tabbatar santimita aka karanta ba inci ba, sannan ka sake auna shi da hannunka ranar da ya iso Damagaram.