Malamin da ke duba kundina ya karanta saƙona bai amsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji 4 a sashen nazarin tattalin arziki. Mako 2 ke nan da na tura wa malamin da ke duba kundin digirina saƙo ta WhatsApp, na ce "Salam Malam, yaushe zan same ka?" Ya karanta, bai amsa ba. Na gama babi na 2, kuma sashe ya ce a miƙa babi 3 na farko kafin ƙarshen wata. In kira shi ne ko in sake turawa? Ƙawata ta ce in buga aikin duka, in haɗa da ɗan turare in kai masa ofis. Kuɗin hannuna ba yawa.
Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki kira tukuna, turaren kuma ki bar shi a shago. Ki sake tura saƙo, amma ba irin na farko ba.

Ki duba abin da Malam ya gani a wayarsa. Mai yiwuwa lamba ce da bai adana ba, babu suna, babu aji, babu abin da ake so a tattauna. Malamin jami'a ba ke kaɗai yake dubawa ba. Yana da ɗaliban digirin farko, wataƙila da na digiri na biyu da na uku, ga darasi, ga taron sashe, ga makin jarrabawa. Kafin ya amsa "yaushe zan same ka" sai ya tambaye ki wace ce, ya tambayi inda aikinki ya tsaya, sannan ya zauna ya lalubo miki lokaci. Irin wannan saƙo shi ake cewa "bari in na natsu zan amsa", daga nan wasu saƙonni su binne shi. Sau da yawa shirun ba fushi ba ne. Ke dai ki rubuta abin da zai iya amsawa da kalma ɗaya yana tafe tsakanin aji da ofis. Ga yadda zan rubuta da ni ce:

"Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki. Ni ce Wance, ɗalibar aji 4, lambar rajistata kaza, ina cikin waɗanda kake duba kundinsu, mai aiki a kan tasirin bashin ƙananan bankuna ga mata 'yan kasuwa. Na kammala babi na 2 kuma na yi gyaran da ka nuna a babi na 1. Ina neman minti 20 don ka duba mini tambayoyin binciken kafin in shiga babi na 3, domin sashe ya sa ranar 30 ga wata a miƙa. Ba ni da darasi ranar Talata daga ƙarfe 10 zuwa 12, da Alhamis bayan ƙarfe 2. In waɗannan ba su yi ba, duk lokacin da ka sa zan zo. Shin in turo aikin ta imel, ko in buga in ajiye a ofis? Na gode, Allah ya ƙara girma."

Taken da na sa misali ne, ki sa naki. In a sashenku da Turanci ake mu'amala da malamai, ki rubuta da Turancin, amma kada ki bar ko ɗaya daga cikin abubuwan nan. Ki kuma kira shi da matsayinsa na gaskiya. Wanda ya kai Farfesa kada ki ce masa Dakta. In ba ki sani ba, allon ƙofar ofishinsa zai gaya miki.

Na san abin da zai tsaya miki a rai shi ne ambaton ranaku. A tarbiyyarmu ƙarami ba ya yanka wa babba lokaci, shi ya sa ɗalibai ke barin tambayar a buɗe suna ganin ladabi ne. To ai ba yanka masa kika yi ba. Kin faɗi lokacin da ba ki da darasi, kin kuma bar masa wuƙa da nama da kika ce duk sa'ad da ya sa za ki zo. Abin da ya rage masa shi ne ya rubuta "Talata", shi ke nan. Minti 20 ɗin ma da manufa na sa: malami ya fi saurin yarda da ganawar da ya san iyakarta. Haka ambaton abu ɗaya takamaimai, wato tambayoyin bincike, yana nuna masa kin san inda kika maƙale, ba zuwa za ki yi ki zauna ki jira ya ƙirƙiro miki abin yi ba.

Ki tura ranar aiki da hantsi. Ban da tsakar dare, ban da lokacin sallar Juma'a, kuma a rubuce, ba saƙon murya ba. A dunƙule guda ɗaya, kada ki tura "Salam" ki zauna jiran ya amsa kafin ki faɗi abin da ya kawo ki.

Sai maganar kuɗi. Kada ki buga komai sai ya faɗi yadda yake so, shi ya sa na sa tambayar a ƙarshen saƙon. Wasu malaman sai a takarda suke gyara da jan biro, wasu sun fi son Word don su yi gyaran a ciki. In ya ce ki turo, ki tura Word ɗin, ba PDF ba sai in shi ya nema, kuma sunan fayil ɗin ya ƙunshi sunanki da lambar babin. In ya ce ki buga, babi na 2 kaɗai za ki buga. A ce shafi 25 ne, a ce kuma ana buga shafi a naira 50, kin kashe naira 1,250. In kika haɗa da babi na 1 da daftarin na 3 suka kai shafi 60, naira 3,000 ke nan a kan takardun da za a zazzane a sake bugawa. Baƙi da fari ya isa, a maƙale da fil, babu buƙatar bango ko ɗinki sai aikin ƙarshe. Ki riƙe tsohon babi na 1 da ya yi wa gyara ki je da shi, domin malamai da yawa suna so su gwada su ga ko an bi abin da suka ce.

Turare kuwa, ko da zuciya ɗaya kika kai, mutumin nan shi zai ba ki maki. Kyauta kafin maki tana sa malamin kirki cikin kunya, wani ma ya ɗauka kin raina shi, wanda ba na kirki ba kuma kin buɗe masa ƙofar da rufe ta zai yi miki wuya. In kina son yin godiya, ki bari sai sakamako ya fito.

In kwana 3 na aiki suka wuce shiru, ki tura tunatarwa ta layi 2 a ƙarƙashin saƙon, ba tare da ƙorafi ba. In har yanzu shiru, ki tambayi sauran ɗaliban da yake dubawa ko sakataren sashe ranar da yake zama a ofis, ki je da rana da babinki a hannu. Za ki iya tafiya da wata daga cikinsu. A nan za ki gane ko ke kaɗai ce bai amsa wa ba, ko kuwa ya yi tafiya ne kowa ma jira yake. In ya tabbata ba ya gari kuma ranar miƙawa ta matso, ki sami malamin da ke kula da kundin 'yan ajin ƙarshe a sashenku, ki nuna masa saƙonnin da ranakunsu, ki roƙi shawara a kan wa'adin. Kada ki fara da shugaban sashe, kuma kada ki goge saƙonnin.