Gaishe da dattijon da ke kan buzu

"Jama'a, idan na je gaishe da surukina a Tahoua bayan La'asar, nakan tarar da shi kan buzun salla, wani lokaci kuma yana cin abinci ko yana aiki. In yi sallama ne ko in yi shiru?"

Ƙanena, yi sallamarka a bakin zaure da murya ƙasa-ƙasa domin mutanen gida, sannan ka cire takalmi ka zauna a gefensa ko bayansa, kada ka gitta ta gabansa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, mai salla yana amsa sallama da ishara ta hannu, ba da baki ba, saboda haka idan ya motsa hannu, ya ji ka, kada ka maimaita.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gane ko ya idar. La'asar raka'a 4 ce kuma tana da zaman tahiya biyu, don haka ganinsa zaune yana motsa manuniya ba ya nufin ya gama. Mai salla shi kaɗai sallama ɗaya yake yi zuwa dama, kana iya kauda ido ta wuce ka, kuma ko ya sallame, wataƙila akwai sujadar ba'adi a kansa. Bayan nan ga tasbihi, sau 33 kowanne.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan kuskure a wurin kawuna. Na ga ya sallame ya ɗauki carbi, sai na durƙusa na fara "ina wuni, ina gajiya". Bai ɗago ba, sai dai ya yi gyaran murya. Ashe lazimin Tijjaniyya yake yi, istigfari 100, salati 100, hailala 100, kuma mai lazimi ba ya magana sai da lalura. Na zauna kusan minti 15 kunya ta ishe ni. Tun daga ranar nake jiran alama ɗaya: ya shafa addu'a a fuska, ya aje carbi ko ya juyo. A nan ne za ka ce "Baba, sannu da ibada, Allah ya karɓa", sannan gaisuwa ta biyo baya.

Mai cin abinci lamarinsa da sauƙi. Ka yi sallama, idan ya ce "bismilla" ka ce "alhamdu lillahi, a ci lafiya", ka ja gefe ba tare da ka zuba wa kwanon ido ba, kuma kada ka miƙa masa hannu. Tambayar iyali da gona ta jira sai ya wanke hannu.

Mai aiki kuwa "sannu da aiki" ta ishe shi, amma ka dubi abin da ke hannunsa tukuna. Idan yana ƙirgar kuɗi ko awon hatsi da tiya, bari ya kai ƙarshen lissafi, domin kalma ɗaya tana iya sa ya sake daga farko.