Tsakanin taka-tsantsan da inda-inda a rubutun bincike

Tambaya: Malam, na rubuta a kundina cewa "wataƙila akwai yiwuwar ƙarancin barci yana iya rage ƙwazon wasu ɗalibai", sai mai duba aikina ya ce ban faɗi komai ba. Ashe ba an hana mu yanke hukunci kai tsaye ba?

Amsa: Ɗan'uwa, mai duba aikinka ya yi gaskiya. Kalmomin sassauci huɗu ka jera: wataƙila, yiwuwar, iya da wasu. Ukun farko shakka ɗaya suke ɗauke da ita, ka maimaita ta sau uku.

Kowace irin wannan kalma da aikinta. "Da alama" na nufin ka ga shaida amma ba ta kai ga tabbaci ba. "Galibi" da "wasu" maganar yawa suke yi, sai a tambaye ka mutum nawa. "Wataƙila" zato ne da bai faɗi madogararsa ba. "Wai" da "an ce" kuwa jingina magana suke yi ga wanda ba a ambata ba, ni kam ba na yarda da su a kundi, domin gani ya kori ji.

Ga yadda za ka gwada jimlarka. Tambayi kanka: wane sakamako ne zai ƙaryata ta? Ko da duk ɗaliban da ba su yi barci ba sun ci jarrabawa, jimlar nan tana nan daram, tunda "wataƙila" kawai ka ce. Maganar da babu abin da zai ƙaryata ta, ba ta ƙaru mai karatu da komai ba.

A ce ɗalibai 200 ka tambaya, ka tarar masu barcin ƙasa da awa 6 makinsu ya fi ƙasa. Wannan ka gani da idonka, faɗe shi ba kwana-kwana. Inda shakka take shi ne dalili, domin damuwa tana iya hana barci ta kuma rage maki. Sai ka rubuta: "A cikin ɗalibai 200, masu barcin ƙasa da awa 6 sun sami maki mafi ƙaranci. Da alama barci na da hannu, sai dai binciken bai auna damuwa ba." Sassauci ɗaya, a wurinsa, da dalilinsa a gefe.

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi har ma'auni ya sa wa kalmominsa. A 2007 ya ɗora mafi yawan ɗumamar duniya tun tsakiyar ƙarni na 20 a kan ɗan'adam da tabbacin sama da kashi 90 cikin 100, a 2013 ya kai kashi 95, a 2021 ya ce babu tantama ɗan'adam ya ɗumama ta. Kai ma koma ga kundinka, duk inda ka sa "wataƙila" ka rubuta abin da ya hana ka tabbatarwa. Wadda ka rasa dalilinta, goge ta.