Saƙon Manaja Bayan Kuskure: Gargaɗi Ne Ko Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin sayar da kaya a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Na yanka wa wani dila rasit na katan 200 na sabulu a tsohon farashi, naira 14,500 maimakon 15,200. Da na sanar da manajana, sai ya turo mini imel layi biyu, babu ko gaisuwa: "Na gani. Ka gyara rasit ɗin ka turo mini kafin ƙarfe huɗu, nan gaba ka riƙa tabbatar da farashi a wajen akanta." Akanta kaɗai ya saka a kwafi. Tun da na karanta shi hankalina bai kwanta ba. Gargaɗi ne wannan, ko gyara ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a yadda ka kawo shi, wannan gyaran aiki ne. Gajartar saƙon da rashin gaisuwar su ne suka tayar maka da hankali, alhali su ne mafi raunin shaida. Mu Hausawa mun saba ba a shiga magana sai an gaisa an tambayi iyali, shi ya sa saƙon da ya zo babu sallama yake yi mana kama da fushi. Amma manajan da yake amsa imel ta waya, tsakanin sito da taro, haka yake rubuta wa kowa. Ka buɗe saƙonninsa biyar ko goma na baya, na lokacin da babu wani laifi a tsakaninku. Idan su ma layi biyu ne, to salonsa ne. Idan kuwa da can yakan fara da sunanka ya rufe da godiya, yanzu ya daina, ransa ya ɓaci. Ɓacin rai kuma daban, gargaɗi na hukuma daban.

Abin da ya fi komai bayyana nufin saƙo shi ne abin da aka nema daga gare ka. An ce ka gyara rasit, an ce ka riƙa tambayar akanta. Duka biyun suna kallon gaba ne, wato mutumin yana lissafin cewa kai ne za ka ci gaba da yanka rasit gobe da jibi. Saƙon ladabtarwa baya yake waiwaye. Ba gyara yake nema ba, bayani yake nema a rubuce. A kamfanoni da ma'aikatun Najeriya ana fara wannan da takardar tuhuma, wadda galibi za ka ga kalmar `Query` a kanta, kuma tana da siffar da ba ta ɓuya: ta ambaci ranar da abin ya faru, ta faɗi laifin dalla-dalla, sau da yawa ta kawo sashen dokar kamfani da aka saɓa, sannan ta ba ka awa 24 ko 48 ka bayyana dalilin da zai hana a hukunta ka. Wa'adin ƙarfe huɗu da aka ba ka na rasit ne, ba na kare kai ba. Abin lura ma, takardar da za ta shiga fayil ɗin ma'aikaci ba kasafai take gajarta ba, domin mai rubuta ta yana tara hujjar da wani zai karanta nan gaba. Doguwar takarda mai ladabi da cikakken sunanka a sama ta fi layi biyu na gaggawa hatsari.

Sai ka dubi layin `CC`, wato na waɗanda aka saka a kwafi. Akanta yana wurin ne domin littafinsa ne ya sami giɓi. Naira 700 sau katan 200, naira 140,000 ke nan, kuma shi zai soke tsohon rasit ya shigar da sabo. Da ofishin kula da ma'aikata aka saka, ko shugaban manajan naka, da karatun ya canja, domin waɗannan ba su da aikin yi a gyaran rasit, sai dai shaida. Wannan ma'aunin yana da iyaka: wanda aka saka a `BCC` ba za ka gan shi ba, kuma ana iya tura saƙon ga wani daga baya. Saboda haka kada ka dogara da shi shi kaɗai.

Kalmomin da suke canja lissafi su ne masu nuna an fara ƙirga: "kuma dai", "karo na biyu ke nan", "kamar yadda na faɗa maka a watan jiya", "idan aka sake". Babu ko ɗaya a saƙonka. Amma kai ka san tarihinka. Idan wannan ne karo na uku da farashi ya kuɓuce maka cikin 'yan watanni, to ko saƙo mai laushi ka ɗauke shi da nauyi, domin manaja yana iya ajiye shi a matsayin shaidar cewa ya taɓa ja maka kunne a rubuce.

Yanzu abin yi. Ka fara da kuɗin, ba da manaja ba. Ka kira dilan yau, ka faɗa masa kuskuren naka ne, ka kai masa takardar sabon farashi mai kwanan wata. Idan bai biya ba tukuna, abin da sauƙi: a soke rasit a yanka sabo na naira 3,040,000 maimakon 2,900,000. Idan ya riga ya biya, ko ya fara sayar da kayan a kan tsohon farashi, zai iya turjewa, kuma yana da abin faɗa. A nan kada ka yi masa alkawarin ragi da bakinka, kada kuma ka cike giɓin daga aljihunka a ɓoye. Na farko ba hurumi ne naka ba, na biyu kuma yana sa littafi ya nuna abin da bai faru ba, wanda idan masu binciken kuɗi suka gano ya fi kuskuren farko muni.

Sai ka amsa imel ɗin kafin ƙarfe huɗu, a kan saƙon nasa, ka bar akanta a kwafi. Jimla huɗu sun isa: kuskuren daga wajenka ne domin ka yi amfani da tsohuwar takardar farashi, ga sabon rasit a haɗe, ga yadda kuka yi da dilan da ranar da zai biya cikon, daga yau kana karɓar farashi daga akanta kowace safiya kafin ka yanka rasit na farko. Kada ka cika shafi da ban haƙuri, kada ka ɗora laifin a kan wanda bai turo sabon farashi da wuri ba, kuma kada ka rubuta "Yallaɓai, wannan gargaɗi ne?" Tambayar nan a rubuce takan mai da ƙaramar magana babba. Idan zuciyarka ta ƙi natsuwa, bayan an rufe giɓin ka same shi a ofis ka ce, "Yallaɓai, an daidaita maganar rasit, ko akwai sauran abin da kake so in yi?"

Sauran amsar tana cikin makonni biyu masu zuwa. Idan dilolinka suna hannunka kuma kana yanka rasit kamar da, maganar ta wuce. Idan aka ce sai wani ya sa hannu a kan kowane rasit naka, an ƙara sa ido ne, wanda ba laifi ba ne bayan giɓin 140,000. Idan aka karɓe manyan dilolinka, ko aka kira ka zama da ofishin ma'aikata, to ka nemi littafin dokokin kamfani da takardar ɗaukarka aiki ka karanta matakan ladabtarwa.

Idan kuma aka zo da maganar cire kuɗin daga albashinka, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya hana cin tarar ma'aikaci daga albashi, kuma cire kuɗin asarar da sakaci ya jawo sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce tun kafin a cire. Dokar tana magana ne a kan masu aikin ƙarfi da na rubuce-rubucen ofis, ban da masu riƙe da muƙaman gudanarwa, don haka kafin ka sa hannu a kan wata takardar cire kuɗi, ka karɓi kwafinta ka nuna wa lauya ko ofishin ƙwadago na tarayya da ke Kano.